Yadda Ake Ƙiyasta Gishirin Ruwa da Mitar Lantarki, da Gane Ruwan Batir na Gaskiya

Wani mai haɗa sola da muke hulɗa ya shigo mini ɗakin gwaje-gwaje da jarka biyu da wata 'yar kwalba. Jarkokin na ruwan batir ne da ya saya a wurare biyu, kwalbar kuma ruwan rijiyar burtsatsen gidansa ce. Ya zaro ƙaramar mita mai kama da biro daga aljihu, ya ce: "Malam, wannan abu ya rikita ni. Da safe ta nuna mini lamba ɗaya, da azahar ta nuna wata, kuma ta maƙwabcina ba ta taɓa yarda da tawa ba. Wacce ke ƙarya?"

Babu mai ƙarya a cikinsu. Matsalar ita ce mitar ba gishiri take aunawa ba. Lantarki take turawa cikin ruwa ta ga yadda ya wuce, sannan ta yi kirdadon yawan gishiri daga abin da ta gani. Wanda ya riƙe wannan, sauran aikin ba zai ba shi wuya ba.

Abin da mitar ke ji a cikin ruwa

Ruwa zalla kusan ba ya ɗaukar lantarki. Gishirin da ya narke a cikinsa ne ke ɗauka. Idan na ce gishiri a nan, ban tsaya kan na miya ba. Ya haɗa da kanwa da duk ma'adinan da ruwa ke kwasowa daga ƙasa da duwatsu, irin su kalsiyam da magniziyam da salfet da bayikabonet. Da zarar sun narke sukan rabu zuwa ƙananan ƙwayoyi masu caji, waɗanda ake kira ayon, kuma su ne ke ɗaukar lantarki daga ɗaya ƙarfen bakin mitar zuwa ɗayan. Yawansu, yawan lantarkin da zai wuce.

Wannan awo shi ne ake rubutawa EC a fuskar mita, kuma ma'auninsa µS/cm, wato maikirosimen a kowace santimita. Idan lambar ta yi girma mitar kan koma mS/cm, inda 1 mS/cm yake daidai da 1000 µS/cm. A kula da wannan ƙaramin harafi, don na sha ganin wanda ya karanta 1.2 ya yi murna, alhali 1200 ce a gabansa.

Ɗaya lambar, wadda ake rubutawa TDS, ita ce jimillar abin da ya narke a ruwa, a miligiram cikin lita ɗaya, abin da ƙananan mitoci ke nunawa da ppm. Mitar ba ta da sikelin da za ta auna nauyi. Ninka lambar EC kawai take yi da wani adadi da kamfani ya saka mata.

Za ka iya gwada wannan da kanka cikin minti biyu. Zuba ruwan batir mai kyau a kofi biyu. Narkar da cokali guda na sukari a ɗaya, ka tsoma mita: lambar da kyar za ta motsa, duk da cewa ruwan ya yi zaƙi. A ɗayan ka barbaɗa gishirin miya iya abin da yatsu biyu suka ɗauko, za ka ga ta haye dubu. Sukari ya narke, amma ba ya rabuwa zuwa ayon, don haka mitar ba ta san da shi ba.

Mataki na farko: saita mitar

Mitar da ba a saita ba, lambarta ba abin dogaro ba ce. Ana saiti da ruwan da aka riga aka san ƙarfinsa, kuma wanda ya fi yaɗuwa shi ne mai lamba 1413 µS/cm. Ana samun sa a kwalba ko a 'yan ƙananan ledoji wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Asalinsa giram 0.7456 ne na busasshen potasiyam kuloraid, wanda ake rubutawa KCl, a narkar cikin ruwa mai tsabta har ya cika lita ɗaya. Idan ba ka da sikeli mai auna abin da bai kai miligiram ba, kada ka wahalar da kanka da haɗawa, sayen ya fi.

Ɗauraye bakin mitar da ruwa mai tsabta, ka girgiza ruwan ya fita. Zuba ruwan saitin a ƙananan mazubai biyu. Tsoma a na farko don ɗauraya, sannan a na biyu don awo. Jujjuya mitar a hankali don kumfar iska da ta maƙale tsakanin ƙarafan ta fita, domin kumfa na rage lamba. Jira har lambar ta tsaya cak, sannan ka danna CAL, ko ka murɗa ƙaramin sukurun da ke bayan wasu mitocin, har ta nuna abin da ke jikin kwalba. Wanda ka zuba ya zubu ke nan, ba a mayar da shi cikin kwalba.

Lamba 1413 ɗin nan ta digiri 25 ce kaɗai. A jikin kwalbar za ka ga jadawali: a digiri 20 ruwan kan nuna 1278, a digiri 30 kuma 1548. Ruwa ɗaya ne, ba a ƙara masa komai ba. Wannan ya kawo mu ga abin da ya rikita mai sola.

Mataki na biyu: zafi

Idan ruwa ya ɗumama, ayon sukan fi saurin motsi, sai lantarki ya fi wucewa. Kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana ƙara lambar da kimanin kashi 2 cikin 100. Shi ya sa aka amince a riƙa mayar da kowane awo zuwa digiri 25, don a iya kwatanta na wannan da na wancan. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan tanki a kan rufi da tsakar rana a watan Afrilu da ruwan randa da asubar hunturu, tazarar da ke tsakaninsu za ta iya wuce digiri 15, wanda yake nufin bambancin kusan kashi 30 cikin 100 a fuskar mita.

Idan mitarka tana da rubutun ATC, ita ke yin gyaran da kanta, amma sai ka ba ta lokaci. Ma'aunin zafin da ke cikinta ba ya jin zafin ruwa nan take. Mitar da ta kwana a aljihu ko ta sha rana a cikin mota tana buƙatar minti ɗaya ko biyu a cikin ruwan kafin lambarta ta zauna. Idan ba ta da ATC, sai ka auna zafin da ma'aunin zafi ka yi lissafi:

```
EC25 = EC / (1 + 0.02 × (T − 25))
```

Ga yadda na yi da ruwan burtsatsen mutumin nan. Na kashe gyaran zafi a babbar mitar da ke kan tebur don ya ga lissafin da idonsa. Ruwan ya sha rana a hanya, zafinsa digiri 33, mitar ta nuna 720. Tazarar 33 da 25 ita ce 8, a ninka da 0.02 a samu 0.16, a ƙara 1 ya zama 1.16. A raba 720 da 1.16, amsa kusan 621. To 621 µS/cm ita ce lambar da za a rubuta, tare da cewa an mayar da ita digiri 25.

Mataki na uku: daga lantarki zuwa nauyin gishiri

Lissafin gajere ne:

```
TDS (mg/L) = k × EC25 (µS/cm)
```

Duk rigimar tana kan k, wato adadin nan da ake ninka lambar EC da shi. Ayon ba ƙarfinsu ɗaya ba wajen ɗaukar lantarki. Kuloraid, wanda ke cikin gishirin miya, mara nauyi ne kuma mai saurin motsi, don haka kaɗan daga cikinsa yana ba da lamba babba. Bayikabonet ya fi shi nauyi kuma ya fi shi nawa, sai an tara da yawa kafin ya ba da wannan lambar. Saboda haka ruwan da gishirin miya ya rinjaya a cikinsa k ɗinsa na kusa da 0.5, shi kuwa ruwan rijiya da na burtsatse, wanda galibi bayikabonet da kalsiyam ke da yawa a ciki, yakan faɗa tsakanin 0.55 da 0.7. Malaman gona masu duba ruwan noman rani sun saba amfani da 0.64.

Yawancin mitocin aljihu masu araha an kulle su ne a kan 0.5, wasu kuma a kan 0.7. Ɗauki 621 ɗinmu. Mita mai 0.5 za ta ce 310 ppm. Mai 0.7 za ta ce 435. Ka ga inda shi da maƙwabcinsa suka saɓa: ruwa ɗaya, lantarki ɗaya, kirdado biyu. Domin gane adadin da mitarka ke amfani da shi, tsoma ta cikin ruwan 1413 ka karanta ppm. Idan ta nuna wajen 700, mai 0.5 ce. Idan ta nuna kusan 990, mai 0.7 ce. Ni dai shawarata ga mai sayen mita ita ce ya nemi wadda ke nuna µS/cm kai tsaye, ya riƙa yin ninkin da kansa.

Mai son sanin k na ruwansa na haƙiƙa, musamman mai gidan fiya wata ko mai lambun da ke shan rijiya ɗaya shekara da shekaru, sai ya kai ɗakin gwaje-gwaje a yi awon nauyi sau ɗaya. Ana tace ruwan don cire laka, a auni mililita 100 a zuba a busasshen mazubin da aka riga aka san nauyinsa, a ƙafar da ruwan, a busar da abin da ya rage a digiri 180, a bar shi ya huce inda danshi ba zai kama shi ba, sannan a sake aunawa. Namu mazubin giram 48.2150 ne babu komai, ya koma 48.2560. Bambancin miligiram 41 ne a mililita 100, wato 410 a lita. A raba 410 da 621, k ya fito 0.66. Daga ranar, ninka lambar EC25 ta ruwansa da 0.66 ya ishe shi, muddin rijiyar ce dai. Yana da kyau a sake dubawa idan damina ta sauka, don ruwan ƙasa kan sauya hali.

To 410 ɗin me take nufi? Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta sa iyakar TDS a miligiram 500 cikin lita, ta EC kuma 1000 µS/cm. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗanɗanon ruwa kan yi daɗi idan bai kai 600 ba, kuma idan ya wuce 1000 yakan fara yi wa baki wuya, abin da mu muke cewa ruwa ya yi zartsi. Ruwansa yana cikin iyaka ta fuskar gishiri. Amma a nan na ja masa kunne, kuma zan ja wa mai karatu. Mitar ba ta ganin ƙwayoyin cuta, ba ta ganin fetur ko maganin feshi. Iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita, abin da ko ya ninka sau goma ba zai girgiza lambar mita ba. Ruwa zai iya nuna 80 ppm kuma yana ɗauke da kwalara. Masu tallar na'urar tace ruwa da ke tsoma mita a kofi su ce "ka ga lafiyar ruwanka", rabin magana suke faɗa.

Mataki na huɗu: gwada ruwan batir

A nan ne aikin ke buƙatar natsuwa, domin lambobin ƙanana ne, kuma duk wani sakaci ya fi abin da ake aunawa girma.

Ruwan batir na gaskiya ruwan tururi ne: a tafasa ruwa, tururi ya tashi ya bar gishiri a tukunya, a sanyaya shi ya koma ruwa. Ruwan da babu komai a cikinsa ko kaɗan yana nuna 0.055 µS/cm a digiri 25, amma wannan sai a cikin rufaffiyar na'ura. Da ya haɗu da iska zai sha kabon dayoksaid, wanda ke zama asid mai rauni a cikinsa, lambar ta hau zuwa wajen 1. Saboda haka idan ruwan tururinka ya nuna 1 ko 2, ba gurɓata ba ce, iska ce. Ƙa'idar ISO 3696 ta ruwan ɗakin gwaje-gwaje ta yarda da har 5 µS/cm ga ruwan aikin yau da kullum, wato aji na 3, sai 1 ga aji na 2.

Ka fara da tambayar ko mitarka za ta iya. Biro mai nuna ppm ba tare da ɗigo ba zai gaya maka 000 ko 002, kuma wannan ya isa ya bambanta ruwan tururi da ruwan famfo. Amma ba zai raba maka 1 da 4 ba. Don aikin ɗakin gwaje-gwaje ana son mita mai nuna ɗigo, da baki na musamman na ruwa mara gishiri, wanda ake rubuta masa K=0.1, wanda ba shi ne k ɗin lissafinmu ba. Kuma a saita ta kusa da inda za a yi awo, da ruwan saiti mai 84 ko 147 µS/cm, ba da 1413 ba. Abin lura, idan ka tsinka mai 1413 sau goma, 147 yake bayarwa, ba 141 ba, don ayon sun fi sakewa idan ba su cunkushe ba. Wannan ma ya nuna k ba tsayayyen abu ba ne.

Sai ɗauraya, wadda ita ce rabin aikin. Ɗigo ɗaya na ruwan 1413 da ya maƙale a bakin mita, idan ya shiga mililita 50 na ruwan tururi, zai ƙara masa fiye da 1 µS/cm, wato ya ninka lambar. Don haka a ɗauraye bakin mitar da mazubin sau uku da ruwan da za a gwada, ana zubarwa. Kada a goge ƙarafan da tsumma. Kada yatsa ya shiga ruwan, gumi gishiri ne. Idan kana shakka, auna, tsoma yatsa na ɗan lokaci, sake aunawa ka gani. Kofin da aka wanke da omo ba a ɗauraye sosai ba shi ma ya ɓata awo. Kuma idan za ka gwada ruwa iri-iri a zama ɗaya, fara da mafi tsabta, ka ƙare da mai gishiri.

Cika mazubin, tsoma mitar yadda ƙarafan za su nutse ba tare da sun taɓa gindi ko gefe ba, ka karanta da zarar lamba ta zauna. Zubar, sake cikawa, sake karantawa. Idan lambar tana sauka daga cikawa zuwa cikawa, misali 9, sannan 4, sannan 2, dattin daga kayan aikinka yake, ci gaba da ɗauraya. Idan ta tsaya wuri ɗaya sau uku, lambar ruwan ce. Idan kuma tana hawa sannu a hankali alhali mazubin na buɗe, daga ƙasa da 1 zuwa sama da shi kaɗan, iska ce ruwan ke sha.

Jarka ta farko ta ba mu 1.8 sau uku a jere. Wannan ruwan tururi ne, babu ja. Ta biyu ta tsaya a 32.

Idan lambar ta yi sama, daga ina?

A idon mai biro, 32 µS/cm ita ce 16 ppm, kuma 16 tana kama da ƙaramar lamba. Amma 32 ɗin ta ninka 1.8 ta jarkar farko kusan sau 18. A batir kuwa ruwa ne ke ƙafewa, gishiri ba ya fita. Duk cikon da aka yi sai ya bar nasa kason, ya taru a kan na baya, kuma kuloraid da baƙin ƙarfe suna cin farantan batir, suna sa shi zubar da caji yana ajiye. Ni dai abin da ya wuce 10 µS/cm ba na zuba shi a batir ba tare da na bincika ba, kuma takardar kamfanin batirin ita ce ta fi cancanta a bi idan ta faɗi iyaka.

Mitar ba za ta faɗi abin da ya shiga ba, amma akwai 'yan dabaru masu rage zato. Na farko takardar gwajin pH, mai nuna ko akwai asid a ruwa. Asid ya fi kowane gishiri ɗaukar lantarki: ɗigo ɗaya na asid ɗin batir a lita guda ya isa ya kai lambar kusan 200. Jarka ko mazurarin da aka taɓa zuba asid da shi zai iya jawo 32 cikin sauƙi, kuma a lokacin takardar za ta nuna wajen 4. Ruwan tururi mai kyau kan nuna tsakanin 5.5 da 6 saboda iskar da ya sha, kada wannan ya tsorata ka. Na biyu, ɗiga ruwan a kan gilashi mai tsabta kusa da ɗigon ruwan jarkar kirki, ka bar su su bushe inda ƙura ba ta sauka. Ka maimaita ɗigon a wuri ɗaya sau da yawa. Mai ma'adinai zai bar farin zobe. A ɗakin gwaje-gwaje kuma ɗigon silba naitiret yana sa ruwa mai kuloraid ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara.

Idan kai ne mai tukunyar tururin, duba abu uku. Cika tukunya fiye da kima ko tafasa da ƙarfi yana sa ɗigon ruwan tukunya ya bi tururi ya tsallaka da gishirinsa. Tsaga a bututun sanyaya tururi tana barin ruwan famfo ya kutsa. Sannan kason farko da ya fara ɗigowa a zubar da shi, don shi ke kwaso iskar da ke cikin ruwan da dattin da ya kwana a bututu. Auna a bakin bututu, ka kuma auna a jarkar ajiya. Idan na bututu 2 ne na jarka 30, tukunya ba ta da laifi.

Jarkar mutumin nan ba ta nuna asid ba, ta kuma bar zobe a gilashi. Sai muka yi lissafi: a cire 2 na ruwa mai kyau daga 32, saura 30. Idan ruwa irin na burtsatsensa mai 621 ne ya shiga, 30 cikin 621 kusan kashi ɗaya ne cikin 20, wato lita guda a jarka mai lita 20. Zai iya zama ragowar ruwan wanke jarka da ciko, zai kuma iya zama ruwan injin tacewa irin na gidajen fiya wata, wanda ke cire mafi yawan gishiri amma ya bar kaɗan, aka sayar masa da sunan ruwan tururi. Mitar ba ta iya raba waɗannan biyun, kuma ga batir duk ɗaya ne. Ya ɗauki jarkar farko ya tafi wurin aikinsa, ta biyun kuma ya bar mini ita muna ɗaurayar farko ta kwalabe da ita.